Launin Fata da Irin Gashi: Abin da Mai Jawabi Zai Faɗa wa Taron Unguwa

A gidan haihuwa, tun kafin ranar suna, akwai wani bincike da 'yan barka ke yi wa jariri. Sai a karɓe shi daga hannun mai jego, a karkata shi wajen haske, a duba bakin kunnensa da gindin faratansa. Wata ta ce, "Wannan zai rine, ku dubi kunnen." Wata ta ce, "A'a, hasken kakarta ta ɗauko, Allah dai Ya sa kada ta juye." Daga nan sai a zame hular, a shafa kan, a yanke hukunci a kan gashin: mai santsi ne ko mai tauri. Babu wadda ta zo da mugun nufi a cikinsu. Amma yayar jaririyar, 'yar shekara shida, baƙa mai murɗaɗɗen gashi, tana zaune a bakin gado tana jin komai, kuma ta gane sarai wane launi ake roƙon Allah Ya tabbatar, wane ne ake fargabar zuwansa.

Irin wannan magana ce ke sa shugabannin makarantun Islamiyya, ƙungiyoyin mata, majami'u da kwamitocin iyaye da malamai su nemi wani ya tashi ya yi jawabi. Abin da yakan faru shi ne mai jawabin ya miƙe ya ce duk ɗaya muke, 'ya'yan Adamu, jama'a su gyaɗa kai, a yi addu'a a watse. Maganar gaskiya ce, sai dai kowa ya riga ya san ta, kuma sanin bai hana uwar miji cewa ita farar suruka take so ba. Mutane na riƙe da wata fahimta a ƙarƙashin zuciya, cewa hasken fata alama ce ta asali, tsabta da jin daɗi, santsin gashi kuma shaida ce ta jini mai kyau. Jawabin da bai tunkari wannan fahimta da hujja ba, ya bar ta inda ya same ta. Wanda aka ba lasifika na minti ashirin yana bukatar ya san daga ina launi yake zuwa, yadda ake gadonsa, da abin da ya faru a inda aka taɓa mai da shi ma'aunin mutane.

Daga ina launin yake

Launin fata aikin wani sinadari ne da ake kira melanin. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke sarrafa shi a can ƙasan shimfiɗar fata ta sama, shimfiɗar da a yawancin jiki kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Abin da ya kamata mai jawabi ya nanata shi ne wannan: yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin kowa. Bature da Bahaushe da mutumin Sin, adadinsu bai bambanta da wani abin kirki ba. Bambancin yana wajen yawan melanin da suke fitarwa, da irinsa, da yadda yake bazuwa cikin fata. Wanda nasa ke aiki sosai ya fito baƙi wuluk, wanda nasa ke aiki tsaka-tsaki ya fito wankan tarwaɗa, wanda nasa ke fitar da kaɗan ya fito fari. Kowa a wajen taron zai iya juya hannunsa ya gani da idonsa: tafin hannu ya fi bayansa haske, alhali jini ɗaya ke gudana a ciki, mutum ɗaya ne mai hannun.

Aikin melanin kariya ne. A cikin hasken rana akwai wani kaifi da ido ba ya gani, wanda ke ratsa fata ya lalata ƙwayoyinta. Melanin yana shanye shi kafin ya yi nisa. A shekarar 2000, wasu masana biyu, Nina Jablonski da George Chaplin, sun ɗauki bayanan da tauraron ɗan'adam ya tattara a kan ƙarfin wannan kaifi a sassan duniya, suka jera su da launin fatar al'ummomin da suka daɗe da zama a kowane wuri. Sai suka ga abin yana tafiya tare: inda rana ta fi ƙarfi, fata ta fi duhu, inda ta yi rauni, fata ta yi haske.

Bayanin da suka bayar, wanda masana da yawa suka karɓa, ya rataya ne a kan abubuwa biyu da jiki ke bukata. Na farko shi ne folet, ɗan'uwan folik asid ɗin nan da ake ba mata wajen awon ciki. Kaifin rana yana lalata shi a cikin jini, kuma ƙarancinsa a farkon ciki yana jawo a haifi jariri da nakasar ƙashin baya ko ta kai. A ƙasar rana, fata mai duhu tana tsare wannan sinadari. Na biyu shi ne bitamin D, wanda fata ke haɗawa da taimakon wannan kaifin ranar dai, kuma sai da shi ƙashi ke ƙarfi. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa arewacin duniya, inda rana ke rauni wata da watanni, fata mai duhu sai ta riƙa tare ɗan hasken da ke akwai. A can, masu hasken fata suka fi samun lafiyar ƙashi da haihuwa, kuma cikin dubban shekaru zuriyarsu ta yi rinjaye. Ke nan launin mutum labari yake bayarwa a kan irin ranar da ta doki kakannin kakanninsa. Bai san komai ba a kan hankalinsa, amanarsa ko kunyarsa.

Akwai hujja ɗaya da nake ganin ta fi saurin shiga kunne. Mutanen tsibirin Bougainville da ke tekun Fasifik baƙaƙe ne ƙwarai, har sun fi Hausawa da yawa duhu. Wanda ya gan su zai rantse 'yan'uwanmu ne na kusa. Amma ta fuskar gado sun fi kusa da mutanen Asiya fiye da mu. Rana iri ɗaya ce ta ba su fata irin tamu. Idan launi ya kasa nuna wa mutum danginsa daidai, ta yaya zai nuna masa darajar wani?

A cikin Afirka kanta ma babu launi ɗaya. A 2017 ayarin Sarah Tishkoff ta Jami'ar Pennsylvania ya auna fatar mutum fiye da 1,500 a Habasha, Tanzaniya da Botswana. Sun sami mafi duhu a cikin wasu makiyaya na gabashin Afirka, mafi haske kuma a cikin mutanen San na kudancin nahiyar. Sun kuma gano cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin gadon da ke kawo haske da masu kawo duhu tsofaffi ne ƙwarai, kuma a Afirka suka samo asali. Wannan ya rushe zancen nan da ake yi a zaure, cewa duk mai haske a cikinmu sai an tono Balarabe ko Bature a kakanninsa.

Uwa ɗaya uba ɗaya, launi daban

Tambayar da ba ta taɓa rasa mai yi a irin wannan taro ita ce ta gado. Me ya sa ma'aurata wankan tarwaɗa za su haifi ɗa fari tas, bayan shekara biyu su haifi ƙanwarsa baƙa? A wasu gidajen tambayar ba ta tsaya a mamaki ba, takan zama zargi, kuma aure ya sha mutuwa a kanta.

Amsar ita ce launi ba ƙwayar gado ɗaya ke yanke shi ba, da yawa ne suke haɗuwa, kowacce ta ƙara duhu kaɗan ko ta rage. Mai jawabi zai iya zuwa da ƙwarya biyu, kowacce da gaurayen jar dawa da farar dawa rabi da rabi, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa. Ya kira yaro ya rufe ido ya tsinci ƙwaya uku a nan, uku a can. Yawancin lokaci hannun zai fito da gauraye, wato ɗa mai kama da iyayensa. Amma in aka yi ta maimaitawa, za a ga wani lokaci ja ta rinjaya sosai, wani lokaci fara, kuma can ba a rasa ba shidan su fito launi ɗaya. Babu abin da aka ƙara a ƙoren daga waje. Gadon gaske ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ƙwayoyin da ke da hannu a launi sun fi shida nesa, amma tsarin ke nan: kowane ɗa tsintarsa daban, daga abin da iyayen ke ɗauke da shi, har da wanda bai bayyana a jikinsu ba.

Musulmin da ke wajen za su tuna cewa wannan ba sabon zance ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kokwanton ɗansa saboda an haife shi baƙi. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma da kuma launinsu, ya ce jajaye ne. Aka tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka nemi ya faɗi inda wannan ya samo launinsa, da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Mutumin ya zo da zargi, aka sallame shi da ilimin da yake da shi tun da a kan dabbobinsa.

Gashi

Labarin gashi ya fi na fata sauƙi. Duk gashin ɗan'adam da sinadari ɗaya aka gina shi, keratin, wanda shi ne na farce. Abin da ke sa wani ya miƙe wani ya murɗe shi ne siffar ramin da silin ke fitowa. Ramin da ya miƙe, mai zagayayyen baki, yana fitar da sili miƙaƙƙe. Ramin da ya lanƙwasa, mai ɗan shafaffen baki, yana fitar da sili mai nannaɗewa. Iyakar bambancin ke nan.

Murɗaɗɗen gashi yana da halinsa, kuma rashin sanin halin ne ya sa ake ce masa mummuna. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana saurin gangarawa a kan miƙaƙƙen sili, amma a kan murɗaɗɗe yana wahalar kaiwa ƙarshe, shi ya sa yake saurin bushewa. Kowace lanƙwasa kuma wuri ne da silin zai iya karyewa idan aka ja shi da ƙarfi. Uwar da ta sa ƙaramin mataji a busasshen kan 'yarta ta fizga, yarinya na kuka ita tana cewa "wannan gashi naki kamar na wane," ba gashin ne da laifi ba. A jiƙa shi, a shafa man kaɗanya ko man kwakwa, a raba shi kashi-kashi, a fara tajewa daga baki zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora, kukan zai ragu da yawa. Kuma ba gajere ba ne kamar yadda ake zato: a kama sili ɗaya a ja, za a ga tsawon da ya naɗe.

Yana da amfaninsa kuma. A 2023 wata masaniya, Tina Lasisi, da abokan aikinta sun ɗauki mutum-mutumin da ake ɗumamawa da lantarki ya yi zafin jikin mutum, suka haska masa fitilu masu kwaikwayon rana, suka riƙa sauya masa gashin mutane na gaske: miƙaƙƙe, mai ɗan lanƙwasa, da murɗaɗɗe sosai, sannan suka gwada shi da ƙwalƙwal. Kowane gashi ya rage zafin da ke isa fatar kai, amma murɗaɗɗen ne ya fi ragewa, domin yana tashi sama ya bar iska tsakaninsa da fatar. Gashin da muke kai yara a ƙona musu kai don a miƙar da shi, shi ne ya fi dacewa da ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Damagaram.

Ƙasar da ta mai da abin doka

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan tunani, ya dubi Afirka ta Kudu. A 1950 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar rajistar jama'a, wadda ta tilasta a rubuta kowane mutum a wani rukuni: fari, baƙi, ko ruwa-biyu, daga baya aka ware 'yan asalin Indiya. Rukuninka shi ke yanke unguwar da za ka zauna, makarantar ɗanka, aikin da za ka samu da wanda za ka aura. Da yake launin mutane ba shi da iyaka tsararriya, jami'ai suka rasa inda za su ja layi. Sai suka koma duba farce, hanci da gashi. Har akwai gwajin fensir: a soka fensir a gashin mutum ya girgiza kai, in ya faɗi a sa shi a rukuni na sama, in ya maƙale a mai da shi ƙasa.

A ƙarƙashin wannan doka aka haifi Sandra Laing a 1955 a garin Piet Retief. Uwarta da ubanta fararen fata ne, masu kanti, magoya bayan gwamnatin wariyar. Ita kuwa ta fito da fata mai duhu da murɗaɗɗen gashi, abin da wata jijiya ta kakanni ta fizgo. Aka sa ta makarantar kwana ta fararen fata, iyayen sauran yara suka yi ta ƙorafi. Tana da shekara goma aka kore ta, 'yan sanda suka raka ta gida, hukuma ta sauya mata rukuni zuwa ruwa-biyu. Ubanta ya shiga shari'a. A 1967 aka gyara doka cewa ɗan da iyayensa biyu farare ne shi ma fari ne, sai aka sake rubuta ta fara. Takarda ta ce fara, amma makarantu da maƙwabta suka ci gaba da gudunta.

Tana budurwa ta gudu zuwa Swaziland da wani baƙar fata mai sayar da kayan lambu. Ubanta ya yanke hulɗa da ita, kuma har ya mutu ba su sake haɗuwa ba. Da ta haihu sai wata matsalar ta taso: a doka, farar mace ba za ta zauna da 'ya'yan da ba farare ba a matsayin iyali ɗaya, don haka da kanta ta nemi a mai da ita ruwa-biyu. Ba ta sake ganin mahaifiyarta ba sai bayan shekaru masu yawa, tsohuwar na gab da rasuwa. An soke dokar a 1991.

Mace ɗaya, jini ɗaya, hali ɗaya, aka yi ta sauya mata suna a takarda, kowane sauyi da irin rayuwar da aka yarda ta yi. Idan mai jawabi ya ba da wannan labari, ya dakata kaɗan, sannan ya tambayi jama'a: gwamnati mai kotuna da jami'ai da 'yan sanda ta kasa auna mutum da fata da gashi ba tare da ta raba uwa da 'ya ba, mu da muke yi da baki a tsakar gida, me muke tsammanin za mu samu? Ba mu da doka irin tasu, alhamdu lillahi. Amma dangin da suka ƙi yarinya saboda "ta cika baƙi" ma'aunin nan dai suka ɗauka.

Abin da malamanmu suka riga suka faɗa

Bai kamata a bar jama'a su tashi da zaton cewa wannan sabon ra'ayi ne da aka shigo da shi daga waje ba. Aya ta 22 a Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta ɗora fifiko a kan taƙawa. Ata'u bin Abi Rabah, wanda fatawar Makka ta koma hannunsa a zamanin tabi'ai, masu tarihi sun siffanta shi da baƙar fata da murɗaɗɗen gashi, kuma manya suna zama a gabansa su ɗauki karatu. A taron da ke da Kiristoci, za su san babi na 12 na Littafin Ƙidaya, inda Maryamu da Haruna suka soki Musa saboda matarsa mutuniyar Kush, kuma Allah bai goyi bayansu ba.

Akwai kuma tatsuniyar da har yanzu ake ji a bakin wasu, wai baƙar fata tsinuwa ce da ta faɗa wa zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ibn Khaldun ya ƙaryata ta tun ƙarni na 14, ya danganta launi da zafin ƙasa. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu, da yake amsa tambayoyin mutanen Tuwat a kan bayi, shi ma ya ƙi yarda cewa launi hujja ce ta bautar da mutum, har ya ambaci Kano, Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Bai haramta bauta gaba ɗaya ba, kuma kada mai jawabi ya ce ya yi. Amma abin lura ne cewa mutanen da ya tashi karewa daga wannan ma'auni kakanninmu ne. Mu aka fara aunawa da shi aka ce ba mu cika ba.

Kuɗin da jiki ke biya

Wannan ɓangare shi ne mafi wuya, domin a cikin masu sauraro akwai waɗanda ke shafe-shafe, kuma kowa ya san su. A faɗi abin da ke cikin man ba tare da an nuna kowa ba. Mayukan bilicin galibi suna ɗauke da ɗaya ko fiye daga abubuwa uku. Haidirokwinon yana hana fata sarrafa melanin, kuma in aka daɗe ana shafawa yakan bar wani baƙin tabo mai ruwan shuɗi a kumatu da goshi, wanda ke da wuyar magani. Sitiroyid mai ƙarfi, irin kilobetasol, magani ne na wasu cututtukan fata da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. In aka mai da shi man yau da kullum sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa mai faɗi ta tsage hannu da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Yana kuma ratsawa cikin jini ya tayar da hawan jini da ciwon suga. Na uku zaiba ce, wato makuri, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Jarirai da ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari, domin fatarsu ta fi shanye abin da aka shafa mata.

Ana gane mai da ke da matsala ta hanyar aikinsa: duk man da ya sauya launi cikin mako biyu ko uku, duk haɗin da aka zuba a roba ba suna ba jerin sinadarai, duk wanda ya bar gaɓoɓin yatsu baƙi fuska fara, abin gudu ne. Wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata kan yi bore, jiki ma kan galabaita. Ta je asibiti a janye mata shi a hankali.

Man miƙar da gashi shi ma yana da nasa. Mai ƙarfinsa da soda ake yi, irin ta haɗa sabulu, shi ya sa yake ƙona fatar kai. Wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da ya fito a 2022, wanda ya bi mata fiye da 33,000 na kimanin shekara goma sha ɗaya, ya sami sankarar mahaifa ta ninka fiye da sau biyu a cikin masu yawan amfani da shi. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba, kuma a faɗe shi haka. Ko ba wannan, babu dalilin sa shi a kan yarinya 'yar shekara biyar.

A nan ne kuma ya dace a faɗi iyakar maganar. Launi yana da abin da yake gaya wa likita. Baƙar fatar da ke zaune a Turai ya fi fuskantar ƙarancin bitamin D. Zabiya, wanda jikinsa ba ya fitar da melanin ko yana fitar da kaɗan ƙwarai, rana na ƙona shi, sankarar fata na barazana gare shi, idonsa kuma yana da rauni. Bukatarsa hula mai faɗi ce, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana da kujerar gaba a aji. Iyayensa biyu ne suka ba shi gadon ko da su baƙaƙe ne, ba aljani ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Inda jawabi ke karkacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juya tsanin a maimakon a kawar da shi. Mai jawabi ya ɗauki zafi ya fara cewa baƙar mace ita ce ta gari, farare girman kai gare su, ba su iya zaman aure ba. Za a yi tafi, amma yarinyar da Allah Ya halitta fara ta koma gida da irin raunin da aka zo warkarwa, kuma an sake tabbatar wa jama'a cewa fata tana nuna hali. Na biyu shi ne a mai da masu shafe-shafe abin dariya. Da zarar ka ga ana waiwaye ana ƙunshe dariya, wata ta ja mayafi ta rufe hannunta, ka san jawabin ya bar hanya. Wadda ta sayi man ba ita ta ƙirƙiro kasuwar ba. Ta ji kirarin farar mace alkyabbar mata tun tana goye, ta ga wadda ake zaɓa a fim da talla, ta ji abin da samari ke faɗa a bakin titi, ta yi lissafinta.

Don haka a ƙare da roƙon da mutum zai iya cikawa a gidansa, a kuma faɗe shi da ladabi: "Iyayena mata, in kun je barka, ku yi wa jariri addu'ar lafiya da albarka, ku bar kunnensa. Iyayena maza, in ɗanku ya kawo maganar yarinya, ku tambayi gidansu da halinta, kada launinta ya shigo zancen. Malamai, in kun ji yaro ya kira wani da baƙinsa ko gashinsa, ku tsawata masa kamar yadda za ku yi in ya yi ashar. 'Yan'uwana samari, abin da kuke yabawa shi ake saya a kasuwa."

Mai karatu, in akwai taro a unguwarku wannan watan, ka je wurin mai unguwa ko shugabar ƙungiya ka nemi a ware wa wannan magana minti ashirin. Ka gayyaci ma'aikaciyar jinya daga asibitin da ke kusa ta amsa tambayoyin fata. Kuma ka dage a kira maza su zauna, kada a bar wa mata taron su kaɗai.